Kundin 'yan jarida na gajeren fim: tambayoyin da masu shirya fim suka fi yi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin matasan daraktoci da furodusoshi da ɗaliban koyon fim, musamman idan bikin baje kolin fina-finai ya karɓi aikinsu, aka ce su turo kundi cikin 'yan kwanaki. Don kada maganar ta tsaya a sama, za mu riƙe misali ɗaya har ƙarshe. Mu ƙaddara akwai wani gajeren fim mai suna "Ɗinkin Sallah", labarin yaron shagon tela a daren jajibiri. Fim ɗin na misali ne kawai.

1. Mene ne kundin 'yan jarida, kuma wa ke karanta shi?

Takarda ce mai 'yan shafuka, yawanci fayil ɗin PDF, tare da jakar hotuna, wadda take ɗauke da duk abin da baƙo yake buƙata don ya yi rubutu a kan fim ɗinka ko ya tallata shi ba tare da ya kira ka ba. A fom ɗin bukukuwa za ka ga an rubuta `Press Kit` ko `EPK`, a na ƙasashe masu Faransanci kuma `Dossier de presse`.

Masu buɗe shi iri uku ne: ma'aikacin biki da ke haɗa littafin jerin fina-finai da shafin intanet, ɗan jarida da aka ba shi awa biyu ya miƙa labari, da mai sayen fina-finai na gidan talabijin ko kamfanin rarrabawa. Dukkansu cikin gaggawa suke, kuma fim ɗinka ɗaya ne cikin tulin da ke gabansu. Ba zama za su yi su karanta ba. Kwafa za su yi su manna. Abin da ka rubuta, da kuskurensa da komai, shi zai fito a littafin biki. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga wannan suka taso.

2. Me ake sakawa a ciki, kuma shafi nawa ya isa?

Ga gajeren fim, shafi huɗu zuwa shida ya wadatar. Shafin farko fosta ne ko hoto mafi ƙarfi, da sunan fim, da jimla ɗaya ta labarin, da tsawonsa, da imel. Na biyu taƙaitaccen labari da bayanan fasaha. Na uku tarihin darakta da jawabinsa. Na huɗu 'yan wasa da ma'aikata. Sai shafin hotuna, sai na tuntuɓa. Kundi mai shafi ashirin a kan fim mai minti goma sha huɗu yana sa mai karatu ya yi ta lalube kafin ya ga abin da ya zo nema.

Abin da ba a sakawa: kasafin kuɗi, cikakken rubutun fim, godiya ga iyaye da abokai, da labarin wahalar da aka sha a lokeshin. Godiya tana da gurbinta a jerin sunayen ƙarshen fim.

3. Yaushe ya kamata a fara haɗa shi?

Tun kafin a kunna kyamara. Rubutu ana iya yin sa daga baya, amma abubuwa uku suna wuya a same su bayan an watse: hotuna masu kyau, sunayen mutane yadda suke so a rubuta, da izininsu a rubuce. Ranar da aka gama ɗauka, an rushe shagon telan da aka shirya, an mayar da keken ɗinkin aro, yaron da ya fito a fim ya yi askin sallah. Hoton da ba a ɗauka ba ya tafi ke nan.

Hanya mai sauƙi ita ce furodusa ya buga takarda ɗaya ya raba wa kowa a ranar farko: cikakken suna, sunan da yake so ya fito, aikinsa a fim ɗin, ayyuka biyu ko uku da ya yi a baya da shekarunsu, da sa hannu cewa ya yarda a yi amfani da hotonsa wajen tallata fim. Idan akwai yaro a cikin 'yan wasa, kamar a misalinmu, mahaifi ko mai riƙonsa ne zai sa hannu.

4. Yaya ake rubuta taƙaitaccen labarin fim?

Kala uku ake rubutawa, domin kowane wuri da girman gurbin da yake bayarwa. Akwai jimla ɗaya mai kalma ashirin da biyar zuwa talatin. Akwai gajere mai kalma hamsin zuwa sittin, wanda shi littattafan bukukuwa suka fi ɗauka. Sai dogo mai kalma ɗari da hamsin zuwa ɗari biyu, na 'yan jarida da masu saye. In ka ba da dogon kaɗai, ma'aikacin biki zai datse shi da kansa, kuma daga ƙasa yakan yanke, inda wataƙila nan ne zuciyar labarin take.

Ga yadda mutane da yawa ke fara rubutawa: "Ɗinkin Sallah fim ne mai cike da darasi da ban tausayi, wanda yake nuna halin da matasa ke ciki a wannan zamani, tare da faɗakarwa kan muhimmancin gaskiya da riƙon amana." Ka duba da kyau, babu mutum ko ɗaya a cikin wannan jimla, babu wuri, babu abin da ya faru. Za a iya manna ta a kan fim ɗari. Ga wadda za ta yi aiki: "A daren jajibirin sallah, yaron shagon tela ya ƙona shaddar wani babban kwastoma da dutsen guga, kuma kafin asuba dole ya zaɓi ko ya faɗa wa maigidansa ko ya ɓoye." Nan an san wane ne, an san lokaci, an san abin da ya lalace, an san abin da ke kan gaba. Darasin gaskiya da amana yana ciki, ba sai an ambace shi ba.

Gajeren mai kalma sittin zai ƙara abu biyu ko uku kawai: shekarun yaron goma sha uku, an ɗauke wuta shi ya sa aka koma dutsen guga na gawayi, maigidan ya kwana uku bai runtsa ba kuma shi ya riƙe yaron tun rasuwar mahaifinsa. Rubuta shi kamar abin yana faruwa yanzu, kada ka ce "na shirya" ko "mun nuna". A gajeren, "yaron shago" ya fi sunan yanka amfani, domin sunan ba ya gaya wa baƙo komai. Sunayen taurari kuma ba nan ne wurinsu ba. Duba tambaya ta 7.

5. In faɗi yadda fim ɗin ya ƙare?

A jimla ɗaya da gajeren, a'a. Su ne za su fita bainar jama'a. A dogon kuma ra'ayi ya rabu. Ni ina ganin a gajeren fim, wanda sau da yawa duk nauyinsa yana kan minti biyun ƙarshe, a tsaya a bakin ƙofa: yaron ya ji motsin maigida ya farka, shaddar na hannunsa. Idan mai saye ko wata gidauniya ta nemi labarin har ƙarshe, ka rubuta musu daban, ka sa a samansa cewa ba na bugawa ba ne. Kada ka rufe da tambayoyi irin na tallar rediyo, su "shin ko zai tsira? ku biyo mu". Littafin biki ba ya buga irin wannan, edita zai goge.

6. Wannan ne fim ɗina na farko. Me zan rubuta a tarihin darakta?

Ka faɗi hakan kai tsaye. "Wannan ne fim ɗinsa na farko" ba abin kunya ba ne, bukukuwa da yawa ma suna da sashe ko kyauta ta musamman don aikin farko da na ɗalibai, kuma da wannan jimla ce mai zaɓe zai gane ka cancanta. Abin da ke ɓata tarihi shi ne cika shi da kirari: haziƙi, fasihi, matashi mai jini a jika, wanda ya taso da son fim tun yana ƙarami. Ɗan jarida ba zai iya kwafar ko ɗaya daga ciki ba.

Tarihin kalma sittin zuwa ɗari ne, ana rubuta shi kamar wani ne ke ba da labarinka. A ciki akwai garin da kake zaune kake aiki, inda ka koyi sana'ar, ko makaranta ce irin Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos ko kuwa a hannun wani darakta ka taso kana riƙe kwantiniti, sai ayyukan da ka yi, sai abin da kake shiryawa yanzu. Idan wani abu a rayuwarka ya shafi labarin, ka sa shi. Daraktan "Ɗinkin Sallah" da ya yi shekaru yana zaman shagon tela kafin ya shiga fim, wannan jimla ɗaya ta fi takardun shaida biyar jan hankalin mai rubutu.

A ƙasan tarihin ake jera fina-finan da ka yi, kowanne da shekara da tsawo, na baya-bayan nan a sama. A haɗa da hoton darakta guda ɗaya, fuska a fili, bango mara hayaniya. Bukukuwa kusan duk suna neman sa. Hoton bikin aure da aka yanko kafaɗar aboki a gefe ba ya yi.

7. Dole ne kowa ya samu tarihi? Mu ashirin ne a aikin.

Kowa zai samu suna, amma ba kowa zai samu tarihi ba. Tarihi na manyan 'yan wasa biyu ko uku ne, da furodusa, da marubuci in ba shi ne darakta ba, da mai ɗaukar hoto. Idan sauti ko kiɗa na da babban matsayi a fim ɗin, a ƙara mai shi. Kowanne jimla biyu zuwa huɗu. Sauran suna cikin cikakken jeri, aiki a hagu suna a dama, kuma jerin ya dace da na ƙarshen fim harafi da harafi.

A nan ne rigima ta fi tashi a harkarmu, saboda yawancin 'yan fim suna da suna biyu: na takarda da wanda duniya ta sani, wani da sunan unguwa, wani da sunan fim ɗin da ya fito da shi. Ga kuma Muhammad da Mohammed da Muhammadu, A'isha da Aisha da Aishatu. Ka tambayi mai sunan, ka rubuta yadda ya ce, ka tsaya a kai a fosta da kundi da fim da fom. Darakta kuma ya lura da wani abu: idan biki a ƙasar waje zai aiko da takardar gayyata don neman biza, sunan da ke fasfo za a buƙata, don haka a sanar da su shi daban tun da wuri.

A jerin 'yan wasa a rubuta wa ya fito a matsayin wa. Idan akwai fitaccen jarumi da ya taimaka ya fito a matsayin maigidan, a ambaci ayyukansa biyu da shekarunsu, a bar kirarin. Mai zaɓen fim a Wagadugu ko Durban wataƙila bai san shi ba, abin da zai amfane shi shi ne jimlar da ta ce ya shafe shekaru kaza yana fitowa a fina-finan Hausa. Yaron da bai taɓa wasa ba kuma a faɗi haka, amma ban da sunan makarantarsa ko unguwarsu.

8. Jawabin darakta fa, ba maimaita labari ba ne?

Idan ya maimaita labarin to bai yi ba. Taƙaitaccen labari yana faɗin abin da ya faru, jawabi kuma yana faɗin dalilin da ya sa kai ka yi shi, da dalilin da ya sa ya fito da wannan kama. Shi kaɗai ake rubutawa da "ni", kalma ɗari da hamsin zuwa ɗari biyu da hamsin. A misalinmu darakta zai iya bayyana abin da ya sa bai fita daga cikin shagon ba ko sau ɗaya, da abin da ya sa ya haska fim ɗin da fitilar caji da garwashin dutsen guga, da abin da ya sa babu waƙa. Daga nan 'yan jarida suke tsinko maganar da za su jingina maka, don haka kada ka rubuta abin da ba za ka iya karewa a gaban makirfo ba.

9. Waɗanne irin hotuna ake so, kuma guda nawa?

Hotuna iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko hoton da ke nuna fim ɗin kansa, 'yan wasa cikin shigarsu suna cikin wasa, babu kyamara babu waya babu ma'aikaci a ciki. Na biyu hoton bayan fage, inda ake ganin darakta na nuni ko mai sauti ya ɗaga sanda. Idan biki ya ce a turo `stills`, na farkon yake nufi. Ka tanadi biyar zuwa takwas na farkon, biyu ko uku na bayan fage, kowane iri a jakarsa.

Yawancinsu su kasance a kwance, domin haka gurbin shafukan intanet da littattafan bukukuwa yake, sai ɗaya ko biyu a tsaye saboda mujalla da waya. Kada a rubuta komai a kansu, ba sunan fim, ba tambarin kamfani, ba sunan mai hoto a kusurwa. Biki zai ajiye hoton da ke da rubutu ya ɗauki wanda babu, ko da bai kai shi kyau ba. Sannan ka ware guda ɗaya ka ce shi ne babba. Ka gwada shi ta hanyar ƙanƙanta shi ya koma kamar girman akwatin ashana a allo. In har ana gane fuska da abin da ke faruwa, ya yi. Hoton yaron riƙe da shadda, ramin ƙuna na tsakiya, haske na dukan rabin fuskarsa, zai tsira a wannan gwaji. Hoton shagon gaba ɗaya daga nesa cikin duhu zai zama baƙin tabo, musamman a takardar jarida wadda take shanye tawada. Fim ɗin dare yana buƙatar aƙalla hoto biyu masu haske.

Kowane hoto yana tafiya da bayaninsa a wani ɗan fayil na rubutu: su wane ne a ciki daga hagu zuwa dama, matsayin da suka fito, da sunan wanda ya ɗauka. A lokeshin kuma, mai hoto yakan samu damarsa ne lokacin gwaji ko da zarar darakta ya tsayar da ɗauka, a roƙi 'yan wasa su maimaita motsin na minti ɗaya kafin a taɓa fitilu. Ƙarar kyamarar hoto tana shiga makirfo in ana cikin ɗauka, sai dai in mai ɗauka shiru ce.

10. Ba mu ɗauki hotuna a lokeshin ba. Za mu iya cirowa daga cikin fim?

Za ku iya, gajerun fina-finai da yawa haka suke yi, amma da iyaka. Idan an ɗauki fim a 1920 x 1080, hoton da za a ciro zai bugu da kyau ne a faɗin kusan santimita 16 da tsayin 9. Ya ishi intanet da ƙaramin gurbi a littafin biki, bai ishi cikakken shafin mujalla ko fosta ba. Idan a 3840 x 2160 aka ɗauka, ana samun kusan santimita 32 da 18, wanda ya wadatar da yawancin buƙatu.

A ciro daga asalin fayil ɗin da aka gama gyara wa launi. Kada a ciro daga ɗanyen hoton kyamara, wanda yakan fito fari-fari kamar an wanke, kada kuma a ɗauki hoton allon waya ko na YouTube. A tabbata kwafin da babu rubutun fassara a ƙasa ne. A manhajar tace fim ta DaVinci Resolve ana danna `Grab Still` a shafin `Color`, sannan a fitar da shi. Mai amfani da manhajar ffmpeg kuma:

```
ffmpeg -ss 00:07:42 -i fim.mov -frames:v 1 hoto01.png
```

Matsalar da za ku ci karo da ita ita ce dishi-dishin motsi. Kyamarar fim tana buɗe ido na kusan kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa a kowane hoto, don haka hannun da ke motsi ko kan da ke juyawa zai fito a shafe. A bi sannu, hoto bayan hoto, a nemi inda ɗan wasa ya tsaya cak, a faɗaɗa a duba idanu. In idanu sun fito tas, sauran mai sauƙi ne.

11. Biki ya ce hotunanmu sun yi ƙanƙanta, alhali da babbar kyamara aka ɗauka. Me ya faru?

Kusan kullum WhatsApp ne. Mai hoto ya tura wa furodusa, furodusa ya tura wa darakta, kuma manhajar tana matse hoto tana rage girmansa idan an aika shi a matsayin hoto. Alamar ita ce nauyin fayil: hoton da ya fito daga kyamara yana da megabait da yawa, wanda ya bi ta WhatsApp yakan koma 'yan ɗaruruwan kilobait ko ƙasa da haka, sunansa ma ya canza. In dole sai ta nan, a aika shi ta `Document`. Mafi kyau a karɓa da filashi ko ta Google Drive daga hannun mai hoton.

Idan suka ce `300 dpi`, abin da za ka duba shi ne yawan fiksel. Hoton da dogon gefensa ya kai fiksel 3000 zai bugu a kusan santimita 25, kuma cikakken shafin A4 yana cin 2480 x 3508. Canza lambar dpi a Photoshop ba ya ƙara wa ƙaramin hoto komai, kumbura shi ma haka. Hotunan da aka manna cikin PDF kuma na kallo ne kawai. Na bugawa dole su zo daban a matsayin JPEG mai inganci ko TIFF.

12. Me ake nufi da bayanan fasaha?

Ɗan jeri ne da ke amsa tambayoyin mai tsara jadawali da mai haska fim: sunan fim na asali da fassararsa, ƙasa, shekarar kammalawa, tsawo, harshe, harsunan fassarar ƙasan allo, launi ko baƙi da fari, yanayin faɗin allo kamar 16:9 ko 2.39:1, sauti ko sitiriyo ne ko 5.1, da irin fayil ɗin da za ka iya bayarwa, DCP ko ProRes ko H.264. Kada ka rubuta DCP, wato fayil ɗin da gidajen sinima ke haskawa, in ba ka da shi. Ranar da suka nema za ka shiga neman kuɗi da mai haɗawa cikin ƙurarren lokaci.

Tsawo a rubuta shi da minti da daƙiƙa, har da jerin sunayen ƙarshe. Gasar gajerun fina-finai ta Cannes ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15, ita kuma hukumar Oscar tana ɗaukar fim a matsayin gajere in bai wuce minti 40 ba. Fim mai 14:52 da mai 15:20 duka "kamar minti sha biyar" ne a baki, amma a fom ba ɗaya suke ba.

A ƙara da matsayin haskawa: ba a taɓa nuna shi ko'ina ba, ko an nuna a Najeriya kaɗai, ko yana intanet. Wasu manyan bukukuwa suna sharaɗin su ne za su fara nunawa, kuma ɗora fim a YouTube don kowa ya gani yana iya rufe wannan ƙofa. Ka faɗi gaskiya a nan, bincike ɗaya ke tona ta.

13. Da wane harshe za a rubuta, tunda fim ɗin na Hausa ne?

Ya danganta da inda za shi. Jaridar Aminiya, mujallar Fim, sashen Hausa na BBC da gidajen rediyon Kano ko Maraɗi za su fi jin daɗin kundin Hausa, domin ba sai sun fassara maganarka sun canza ta ba. AFRIFF a Legas da bikin Zuma a Abuja Turanci za a tura musu. FESPACO, wanda ake yi a Wagadugu duk bayan shekara biyu, da bikin gajerun fina-finai na Clermont-Ferrand a Faransa, yana da kyau a tanadar musu aƙalla jimla ɗaya da gajeren labari da tarihin darakta da Faransanci. Fayil daban ga kowane harshe ya fi cusa uku a shafi ɗaya. A ba wanda ya iya harshen sosai ya duba, a kuma tsayar da fassarar sunan fim guda ɗaya wadda ba za ta riƙa sauyawa daga fom zuwa fom ba.

Sai batun ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon haruffan ado ba su da su, sai ka ga "Ɗinkin" ya fito da akwati a farko ko harafin ya sauya kama. Noto Sans da Charis SIL suna da su. A fitar da PDF da haruffan a cikinsa, a buɗe a wata waya da wata kwamfuta a gani. Sannan a gwada kwafar jimla daga ciki a manna a wani wuri. In bai kwafu ba, an mayar da shafin hoto ke nan, kuma aikin da aka bayyana a tambaya ta 1 ba zai yiwu ba. Sunayen fayil kuwa a bar su da haruffa marasa lanƙwasa, babu tazara, kamar `dinkin-sallah-hoto-01.jpg`.

14. Lambar wa da imel ɗin wa za a saka?

Na mutum ɗaya, wanda yake duba saƙo kullum kuma yake da ikon cewa e ko a'a, yawanci furodusa. Sunansa, matsayinsa, imel, da lambar waya mai lambar ƙasa, +234 ga Najeriya ba tare da sifilin farko ba, +227 ga Nijar. Imel shi ne kan gaba, domin ta nan bukukuwa ke aiko da sakamako da wa'adi, wani lokaci na 'yan kwanaki, kuma saƙon kan faɗa jakar `Spam`. Gajeren fim yana iya yin shekara biyu yana zagaya bukukuwa, don haka imel ɗin makarantar da za ka gama bana ko layin da kake shirin yarwa ba su dace ba.

Lambobin 'yan wasa ba sa shiga kundi ko kaɗan, balle na mata da yara. PDF yana yawo daga hannu zuwa hannu, ba ka san inda zai kwana ba. Mai son hira da jaruma ya bi ta furodusa. A maimaita imel ɗin a ƙasan kowane shafi, saboda wani shafi ɗaya kawai zai tura wa abokin aikinsa.

15. Yaya ake aika shi, kuma sai yaushe ake sabuntawa?

PDF ɗin ya zama mara nauyi, ƙasa da megabait biyar in zai yiwu, don ya buɗe a waya ko da sabis ba ƙarfi. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25, don haka manyan hotuna da fosta da tirela suna zama a jaka ɗaya a intanet, a sa mahaɗinta cikin kundin. A saita jakar a kan `Anyone with the link`, a ba wani da ba ya cikin aikin ya gwada buɗewa. Ɗan jaridar da ya ci karo da `Request access` da daddare ba zai jira ka farka ba, hoton wani fim zai sa. Fim ɗin kansa ba ya zama a wannan jaka. Ana ba da shi ta mahaɗi mai kalmar sirri, kamar na Vimeo, ga wanda ya nema. Abin da ke shafinka na FilmFreeway, inda ake tura fina-finai ga bukukuwa, kuma ya zama daidai da na kundin, tsawo da sunaye da labari duka.

Ana sabuntawa duk lokacin da biki ya zaɓi fim ɗin ko ya ci kyauta: sunan biki, gari, shekara, da sashen da aka nuna shi. Zaɓa daban, shiga jerin 'yan takara daban, cin kyauta daban, a rubuta kowanne da sunansa. Wasu bukukuwa suna cewa a yi shiru har su sanar da jerinsu, a jira ranar kafin a ɗora tambarinsu. Tambura masu siffar ganye, waɗanda biki ke ba fim ɗin da ya zaɓa, biyu ko uku na bukukuwan da aka sani sun isa a shafin farko, sauran su tafi jerin ciki. A sa wata da shekara a sunan fayil, kamar `dinkin-sallah-kundi-2025-03.pdf`, a cire tsohon daga jakar, a kuma gyara layin matsayin haskawa da aka yi bayani a tambaya ta 12, domin da zarar an nuna fim ɗin sau ɗaya a bainar jama'a wannan layin ya canza.